Yadda ake fitar da ωn da ζ daga lissafin tsari mai sifirin da damfa

"Don Allah, an ba ni 2x'' + 8x' + 50x = 0. Ta yaya zan samo mitar asali da rabon damfa?"

Malam, ka fara raba komai da nauyin, wato 2, har x'' ya tsaya shi kaɗai:

```
x'' + 4x' + 25x = 0
x'' + 2ζωn x' + ωn² x = 0
```

Layi na biyu shi ne ma'auninka, inda ωn ita ce mitar asali, ζ kuma rabon damfa. Abin da ke gaban x shi ne ωn², don haka ωn = 5 rad/s. Abin da ke gaban x' kuwa 2ζωn ne, ka ga 10ζ = 4, sai ζ = 0.4. A nan ɗalibai suka fi faɗuwa: sai mutum ya manta rabawar, ya ɗauki 50 a matsayin ωn².

Tunda ζ bai kai 1 ba, nauyin zai yi ta lilo yana raguwa kafin ya tsaya. Amma fa ba da saurin 5 zai yi lilon ba, domin damfa na jan ƙafarsa: mitar lilon ita ce ωd = ωn√(1 − ζ²), kusan 4.58 rad/s.

Idan nauyin a rataye yake, auna x daga inda ya zauna daram, sai mg, wato ƙarfin da ke jan nauyin ƙasa, ya fita daga lissafin da kansa.