Bayanin farashi a takardar neman kwangila: ina zan tsaya?

Tambaya: Ina neman kwangilar kawo kujeru 2,000, kuma an ce in rubuta dalilin farashina. In na ɗaga, wani zai kayar da ni. In na sauko, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Me zan rubuta?

Amsa: Malam, kafin ka rubuta ko layi ɗaya, fara gano farashin da in ka sauka ƙasa da shi, uwar kuɗinka ka taɓa. Yawancin masu neman kwangila kuɗin sari da na mota kawai suke haɗawa, su manta cewa kuɗin da ya kwanta yana jiran biya shi ma yana ci.

Mu ɗauka masana'anta ta sallama maka kowace kujera a kan 100. Kuɗin mota da lodi da saukewa 6. Waɗanda za su karye a hanya ko a dawo maka da su, ka ware 2. Garantin banki da takardu 1. Mun kai 109 ke nan. To idan da bashi ka sayi kayan, kuɗin ruwa kashi 2 cikin 100 a wata, kuma sai bayan wata huɗu za a biya ka, ƙara kusan 9. Ko da kuɗinka ne na aljihu ka sa wannan lissafi, domin da sun juya a wani cinikin. Ainihin abin da kujera ta ci maka 118 ne.

Yanzu ga farashi biyu a gabanka. A 125 ribarka 7, a 121 ribarka 3. Mu ce a ƙiyasinka damar cin kwangilar a 125 kashi 30 ce, a 121 kuma kashi 50. Ninka riba da dama: na farko ya ba ka 2.1, na biyu 1.5. Sai damar ta kai kashi 70 kafin 121 ya kamo 125. Ga kuma abin da ya fi damuna da 121: in biya ya ƙara jinkirin wata biyu, kuɗin ruwa ya ƙaru da sama da 4, ribar 3 ta tafi har da ɗoriya. Ƙiyasin damar nan kada ka ɗauko shi daga son zuciya. Duba farashin da aka ci irin wannan kwangila da shi a baya da yawan waɗanda suka nema.

Sai rubutun kansa. Kwamitin tantancewa ba ya neman ka yabi kamfaninka, abin da yake so ya sani shi ne za ka iya kawo kayan a wannan farashi ba tare da ka gudu ko ka rage inganci ba. Arha mai yawa ma tana jawo zargi. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 kan sayen kayan gwamnati, a sashe na 69, ta wajabta wa hukuma ta nemi bayani daga wanda farashinsa ya yi ƙasa fiye da kima, kuma za a iya watsar da takardarsa in bayanin bai gamsar ba. Bankin Duniya ma yana da irin wannan ƙa'ida a ayyukan da yake ba kuɗi.

Saboda haka kowane sauƙi da ka yi, nuna inda ya fito, ka liƙa shaida. "Farashinmu ya fi na kowa sauƙi" ba hujja ba ce. Rubuta cewa kai tsaye kake saye daga masana'anta babu dillali, an yi maka ragin kaza saboda yawan kayan, ga takardar farashinsu a haɗe. Mota cike za ta yi sawu kaza, shi ya sa kuɗin dakon kowace kujera ya tsaya a 6. Ribarka kuwa, in fom bai ware mata layi ba, haɗa ta da kuɗin gudanarwa. In ya ware, rubuta gaskiya, kuma jimillar ta dace da ta jadawalin farashi, domin inda aka samu saɓani galibi farashin guda ake bi a gyara jimilla.

Tarko ɗaya da ke cin mutane: farashinka zai tsaya daram na tsawon wa'adin da aka gindaya, sau da yawa kwana 90, alhali takardar masana'anta ta kwana 30 ce. Nemi su tsawaita ta a rubuce. In sun ƙi, sa tsaron tashin farashi cikin lissafinka tun yanzu. Kada ka rubuta "farashi na iya canzawa" inda aka nemi tsayayyen farashi, wannan sharaɗi kaɗai ya isa a cire takardarka tun ba a kwatanta ta da ta kowa ba.