Na biya kuɗin talla a Instagram, mutum ɗaya ya saya: in ƙara ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa turaren wuta da humra a gida a Kano, ina sayar da set ɗaya naira 12,000, kuma kayan haɗi da kwalabe da leda suna cin naira 7,500. Makon jiya na danna Boost post na sa naira 5,000 na kwana biyu. Na samu masu so sama da 400, mutum 30 suka yi mini magana ta WhatsApp, amma ɗaya ce kawai ta saya. Maigida ya ce asarar kuɗi ce, ƙawata kuma ta ce in zuba dubu hamsin kafin Sallah. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna, don gwajin da kika yi bai kai ya raba wannan gardamar ba.

Ribarki a kan kowane set naira 4,500 ce. Wannan ita ce iyakar abin da za ki iya biya don samun mai saye ɗaya ba tare da kin taɓa uwar kuɗi ba. Tallar kuma ba naira 5,000 ta ci ba, domin tun watan Janairun 2022 kamfanin Meta, mai Instagram, yake ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallar da ake biya daga Najeriya, don haka naira 5,375 kika kashe. Da mai saye ɗaya, kin faɗi da naira 875. Amma ki duba nan: da a ce a cikin mutum talatin ɗin nan an samu mace ɗaya tak da ta ƙara saye, da ribarki ta zama 9,000, ki cire kuɗin talla ya rage miki 3,625, da yanzu maigida ne da kansa yake cewa a ƙara. Gwajin da mutum ɗaya zai iya juya hukuncinsa daga asara zuwa riba bai nuna miki komai ba sai sa'a ko rashinta. Masu so ɗari huɗun nan kuwa ki manta da su, ba sa shiga lissafi.

Abu ɗaya mai amfani kika samu, wato farashin saƙo. Kowane mutum da ya yi miki magana ya tsaya miki a kan naira 180 ko kusa da haka. Da wannan za mu auna girman gwaji na gaskiya. Ina so ki samu aƙalla saƙo ɗari, don ya zama masu saye sun kai adadin da za a iya ƙirgawa. Naira 3,000 a rana har kwana bakwai ya kama 21,000, da haraji 22,575, kuma in farashin bai canja ba zai kawo miki saƙo wajen 120. Kwana bakwai ɗin ba don ado ba ne. Ranar Juma'a da Asabar ba ɗaya suke da Talata ba wajen saye, sannan ita kanta na'urar tallar tana ɓata kwanakin farko tana laluben irin mutanen da suke amsawa. Kamfanin ya ce tana buƙatar sakamako kusan 50 cikin mako kafin ta daidaita. Kwana biyu ko laluben ba ta gama ba kika kashe.

Kafin ki biya ko kwabo, ki ɗauki takarda ki rubuta hukuncin da za ki yanke. Mutum biyar ne za su dawo miki da kusan duk kuɗin tallar, don 4,500 sau biyar 22,500 ne. Ƙasa da biyar, ki tsaya. Daga biyar zuwa tara, akwai kasuwa amma wani wuri yana yoyo, sai a gyara a sake gwadawa da kuɗi iri ɗaya. Goma zuwa sama, kowace mai saye ta tsaya miki a kan kusan rabin ribarki, to nan ne maganar ƙari za ta taso. Na nace a kan rubutawa tun farko domin na ga yadda zuciya take yi: in kuɗi ya riga ya fita, mutum sai ya riƙa nema wa tallar uzuri, "ai dai an san ni yanzu".

Wajen saitawa, ki bar maɓallin Boost post ki shiga Ads Manager, wato shafin tsara talla na kamfanin Meta. In kuma wayarki iPhone ce, ki kula sosai, saboda biyan kuɗin talla daga cikin manhajar yana iya jawo ƙarin kashi 30 cikin ɗari na kamfanin Apple. Ki buɗe shafin ta burauza ki biya daga can. Ki zaɓi manufar Engagement, ki nuna cewa saƙo kike so kuma ya tafi WhatsApp ɗinki na kasuwanci. Wuri kuma ki tsaya a inda kike iya kai kaya cikin sauƙi, wato cikin birnin Kano da kewaye. In kika buɗe wa Najeriya gaba ɗaya, za ki yi ta samun saƙo mai araha daga wadda take Fatakwal, ku yi ciniki lafiya lau, da ta ji kuɗin aike ta tasha sai ta ɓace. Ki zaɓi mata, daga shekara 22 zuwa sama, ki bar sauran zaɓuɓɓukan a buɗe. Tsukewa da yawa a ƙaramin kuɗi tsada kawai yake ƙarawa.

Talla biyu sun isa, a ƙarƙashin rukuni ɗaya: ɗan gajeren bidiyo da ke nuna hannunki kina zuba turaren a kasko hayaƙi na tashi, da hoton set ɗin gaba ɗaya. Duk biyun ki rubuta farashi ɓaro-ɓaro. 'Yan kasuwa da yawa suna ƙin wannan, wai kada a tsorata mutane. To ai tsoratar da su kike so. Duk wadda ta taɓa tallar ta rubuto "nawa ne?" ta gudu, kuɗinki ta ci. Da farashi a fili saƙo zai ragu kuma kowane ɗaya zai ƙara tsada, amma wadda ta zo ta san abin da ta zo saye. Haka kuma akwai wata jimla ta Turanci da manhajar take rubuta wa mutum da kanta da zarar ya danna, "Hello! Can I get more info on this?". Ina kyautata zaton da yawa cikin talatin ɗinki ita kaɗai suka turo, kika amsa, shiru. Wasu yara ne da wayar uwarsu, wasu yatsa ne ya zame. Ki canja ta zuwa Hausa, misali "Ina son set ɗin turare na 12,000, ina unguwar...", yadda mai turowa za ta ga farashin karo na biyu kuma ta faɗa miki inda take.

Da zarar ta fara tafiya, ki ɗaure hannunki. Canja hoto ko wuri ko ninka kuɗi a rana ta biyu yana mayar da laluben baya. Aikinki a wannan makon yana cikin WhatsApp ne. Kamfanin yana ganin an buɗe hira, a shafinsa zai nuna miki Cost per messaging conversation started, wato kuɗin da kowace hira ta ci, amma ba ya ganin alat ɗin banki. Wannan ke kaɗai za ki iya ƙirgawa. Ki yi amfani da alamomin da WhatsApp na kasuwanci yake bari a maƙala wa kowace hira: ɗaya ga wadda ta zo daga talla, ɗaya ga wadda ta yi maganar gaske kamar tambayar ƙamshi ko kai kaya, ɗaya ga wadda ta biya. 'Yar'uwarki ko tsohuwar kwastoma da ta saya a makon kada ki sa ta cikin lissafin.

Saurin amsa ma yana cikin gwajin. Na taɓa saita wa wata mai sayar da mayafai talla, mako ya ƙare ta kira ni ranta a ɓace, saƙo kusan casa'in, masu saye biyu. Da na karɓi wayar na duba, yawancin saƙonnin tsakanin bayan isha'i da sha ɗayan dare suka shigo, lokacin da mata suka gama hidimar gida suka ɗauki waya, ita kuma sai wajen azahar ta washegari take amsawa. Laifina ne da ban tambaye ta ba tun farko. Muka sake da tallar nan dai ba a canja ko harafi ba, ƙanwarta ta riƙe wayar da dare, sakamakon ya canja.

Bayan kwana bakwai ki kashe tallar, ki jira kwana uku ko huɗu kafin ki rufe lissafi, don akwai masu cewa "bari a yi albashi" kuma da gaske suke. Sai ki duba inda mutane suke zubewa. In saƙo ya yi ƙaranci kuma ya yi tsada, tallar ce ba ta ja ba, a sake bidiyo. In saƙo ya zo da yawa amma ba mai wuce gaisuwa, ba mutanenki ake nuna wa ba ko farashin bai fito ba. In kuwa ana hira mai tsawo har a kai ga lambar asusu sannan a yi shiru, matsalar amana ce, kuma ƙarin kuɗin talla ba ya maganinta. Abin da yake magani shi ne biya idan kaya ya iso ga waɗanda suke cikin gari, ko ƙaramar kwalba ta gwaji, tunda ƙamshi ba ya bin waya.

A ce kin yi sa'a mutum goma sha ɗaya sun saya. Ko a nan ban yarda da tsalle zuwa dubu hamsin a kwana biyu ba. Kuɗin farko yana samo waɗanda suka fi sauƙin shawo kai ne, na baya sai ya fara kai wa ga masu jan ƙafa. Mu da muke wannan aikin mun saba ƙara kusan kashi 20 cikin ɗari duk bayan kwana uku, daga 3,000 zuwa 3,600, muna kallo. Kuma ki riƙa auna abin da ƙarin kuɗin ya kawo shi kaɗai. Misali kin kai 6,000 a rana, mako ya ci 45,150, masu saye suka zama goma sha biyar. A dunƙule kowace ta tsaya a 3,010, kamar har yanzu da riba. Amma ƙarin 22,575 ɗin mutum huɗu kawai ya kawo, kowace a kan sama da 5,600, ribarki kuma 4,500. Rabin farko na kuɗin ne yake rufe wa rabin baya asiri. A irin wannan hali sai ki koma ƙasa. Ki kuma leƙa lambar Frequency, wadda take nuna sau nawa mutum ɗaya ya ga tallar. In ta haura uku cikin mako kuma saƙo yana ƙara tsada, mutanen da ke da'irarki sun gaji da ganinta, sai sabon bidiyo ko faɗaɗa wuri zuwa Kaduna ko Katsina in kina da amintaccen direba.

Abu ɗaya ne zai sa in yarda ki jure talla mai dawo da kuɗinta kawai ba riba: in littafinki ya nuna cewa masu sayen turarenki suna dawowa bayan wata biyu ko uku da kansu. Amma sai kin gani a rubuce, ba zato ba.

Game da Sallah, ki yi gwajin tun da sauran makonni huɗu ko biyar. A kwanakin ƙarshe masu atamfa da takalma da ɗinki duk suna rububin idon matan da kike nema, farashin talla kan tashi, kuma lissafin da kika samu a lokacin ba zai yi miki aiki bayan Sallah ba. Kafin nan ki ƙirga set nawa hannunki zai iya haɗawa a mako, don turaren da bai tsumu ba in kika aika wa sabuwar kwastoma, ba za ta dawo ba.