Amsa ga ɗan ƙanena da ya fara karatun lauya: yadda yarjejeniya ke ɗaure ƙasa

Ɗana, tambaya biyu ka haɗa mini. Ta farko, yadda ake ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙasashe, tunda kun fara darasin. Ta biyu ka lulluɓe ta da raha, wai ko mu da muka zauna a Ghana muna iya bayanin doka da Hausa, ko sai an yi mana tafinta. Mun saba da wannan tsokanar. Duk wanda ya zo daga wajenku sai ya kasa kunne ya ji yadda muke magana, idan kuma ya ji cewa mahaifiyar 'ya'yana ba Bahaushiya ba ce, shi ke nan ya yanke hukunci. To, da Hausa nake rubuto maka, kuma misalin da zan ɗauka na yarjejeniyar da muka riga ku shiga ne, sai ka yi haƙuri da baffanka.

Ina nufin yarjejeniyar yankin ciniki maras shinge na Afirka, wadda za ka gani a littattafanku da sunan AfCFTA. Ka ajiye Yarjejeniyar Vienna ta 1969 kusa da kai, domin ita ce ta tattara ƙa'idojin ƙulla yarjejeniyoyi, kuma daga cikinta zan riƙa kawo maka sassa.

Shugabannin Tarayyar Afirka sun ƙaddamar da tattaunawa a Johannesburg a watan Yuni na 2015, amma ba su ne suka zauna jayayya kan kowane layi ba. Jami'an ma'aikatun ciniki ne ke wannan aikin, su miƙa wa ministoci, lauyoyi su tace rubutun. Abin da ya shafe ka a matsayin lauya shi ne wa ke da hurumin yin magana da sunan ƙasa. Sashe na 7 na Vienna ya ce shugaban ƙasa da shugaban gwamnati da ministan harkokin waje ba sa bukatar nuna wata takarda, kujerarsu ta wadatar. Ministan ciniki kuwa, kome girmansa, idan zai sa hannu sai ya zo da takardar cikakken izini daga gwamnatinsa. Idan wani ya sa hannu ba shi da izini, sashe na 8 ya ce aikin banza ne har sai ƙasarsa ta amince da abin da ya yi daga baya. Bayan an gama tattaunawa sai a amince da rubutun a rufe shi. A babban taro kashi biyu cikin uku na ƙasashen da suka halarta suka kaɗa ƙuri'a sun isa, in ba a tsara wata hanya ba. Har zuwa nan babu ƙasar da ta ɗauki nauyin kome, an dai yarda cewa wannan ne rubutun.

Ranar 21 ga Maris 2018 ƙasashe 44 suka rattaba hannu a Kigali. Ghana na ciki. Najeriya ba ta ciki, domin Shugaba Buhari ya fasa tafiyar bayan ƙungiyar ƙwadago da masu masana'antu sun ce ba a shawarce su ba. A nan ɗalibai suka fi zamewa. Suna ganin hoton shugabanni da alƙalami sai su ce an gama. A irin wannan yarjejeniyar da ta tanadi tabbatarwa, sa hannu bai tilasta wa Ghana rage ko sisi daga kuɗin fito ba. Abin da ya hau kanta ɗan kaɗan ne, yana sashe na 18 na Vienna: kada ta aikata abin da zai rusa manufar yarjejeniyar, muddin ba ta fito fili ta ce ta fasa ba. Ana kuwa fasawa. Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar Kotun Hukunta Manyan Laifuka a ƙarshen 2000, sannan a 2002 ta rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ba ta da niyyar shiga.

Kada kuma ka kife ɗaya gefen ka ce sa hannu ba ya ɗaure ƙasa sam. Rubutun yarjejeniyar da niyyar masu ita ne ke faɗa. Ku kun ga haka a jikinku. A 1975 Janar Gowon da Shugaba Ahidjo suka sa hannu a Sanarwar Marwa kan iyakar ruwa tsakanin Najeriya da Kamaru. Da aka je Kotun Duniya kan Bakassi, Najeriya ta ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta taɓa tabbatar da sanarwar ba. A hukuncin 2002 kotu ta ce sanarwar ta fara aiki tun ranar da aka sa hannu, kuma ba dole ba ne Kamaru ta san wata ƙa'idar cikin gida da ke taƙaita ikon shugaban Najeriya, matuƙar ba a bayyana ta yadda ya kamata ba. Don haka kafin ka ce wa kowa "ai sa hannu kawai aka yi", buɗe sassan ƙarshe na takardar ka ga ko an ambaci tabbatarwa.

Yanzu ga yadda muke yi a nan, tunda ka tambaya. Sashe na 75 na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba shugaban ƙasa ikon ƙulla yarjejeniya, amma dole a kai ta Majalisar Dokoki, ta tabbatar da ita ta hanyar doka ko ta ƙuduri da fiye da rabin dukkan 'yan majalisa suka goyi baya. Dukkan 'yan majalisa aka ce, ba waɗanda suka zo zama ranar kaɗai ba. Kuma ba ado aka yi da sashen ba. A farkon 2016 gwamnati ta karɓi mutum biyu 'yan Yaman da aka sako daga Guantanamo, ta ce ai musayar wasiƙun diflomasiyya ce kawai da Amurka. Kotun Ƙoli a 2017 ta ce sunan da aka ba takardar bai sauya kome ba, ta ba gwamnati wata uku ta kai majalisa ko ta mayar da mutanen. Aka kai majalisa. Ina alfahari da wannan hukuncin, ko da za ka ce alfaharin baƙo ne. A nan aka haife ni, a nan nake zaɓe, kuma ban ga inda hakan ya rage mini Hausanci ba.

Tsarinku daban yake. Ɓangaren zartaswa ne ke tabbatar da yarjejeniya. Abin da sashe na 12 na kundin 1999 ya ce shi ne babu yarjejeniyar da ke da ƙarfin doka a cikin Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. Ka raba abubuwan nan biyu a kanka. Ƙasa na iya ɗaurewa a idon duniya alhali alƙalin cikin gida ba zai iya aiki da yarjejeniyar kai tsaye ba. Kuma sashe na 27 na Vienna ya hana ƙasa fakewa da dokarta ta gida don ta ƙi cika alkawari, saboda haka giɓin matsalarta ce ita kaɗai.

Ko a wajenmu, ƙuri'ar majalisa ba ita ce tabbatarwa a dokar ƙasa da ƙasa ba. Bayan ƙuri'a sai a rubuta wata gajeriyar takarda, shugaban ƙasa ko ministan harkokin waje ya sa mata hannu, tana cewa ƙasa ta amince za ta cika abin da ke ciki. Sai a miƙa ta ga wanda aka ɗora wa riƙon takardun, a nan shi ne shugaban Hukumar Tarayyar Afirka a Addis Ababa. Ranar miƙawa ita ce ranar da ake lissafi da ita. Ghana da Kenya suka fara miƙa tasu ranar 10 ga Mayu 2018, ba a cika wata biyu da taron Kigali ba. Wannan yarjejeniyar kuma ta toshe wata ƙofa da wasu ke bari a buɗe: sashenta na 25 ya hana ƙasa ta ce ta yarda amma ban da sashe kaza. Ko ka ɗauka duka, ko ka bari.

Sashe na 23 na AfCFTA ya ce za ta fara aiki kwana 30 bayan an miƙa takarda ta 22. Dubi abin da ya faru da kyau. A farkon Afrilu 2019 majalisar Gambiya ta amince, aka yi ta shela cewa an cika ƙasashe 22. An cika a lissafin majalisu, amma a lissafin Addis Ababa da saura, domin wasu takardun ba su iso ba. Sai ranar 29 ga Afrilu, da Saliyo da Jamhuriyar Sahrawi suka miƙa nasu, agogo ya fara tafiya, yarjejeniyar ta fara aiki ranar 30 ga Mayu 2019. Idan malami ya ba ka jerin ranaku a jarrabawa, wannan ne tarkon da zai ɗana maka. Ka nemi ranar miƙa takarda, ka ƙyale ranar ƙuri'a.

Kuma ƙasashen da suka miƙa kaɗai ta ɗaure. Najeriya ta sa hannu a Yamai ranar 7 ga Yuli 2019, lokacin yarjejeniyar ta riga ta fara aiki ga wasu. Majalisar Zartaswa ta amince da tabbatarwa a Nuwamba 2020, aka miƙa takarda ranar 5 ga Disamba. Tsakanin ranar Yamai da wannan ranar, kusan shekara ɗaya da rabi, matsayin Najeriya na mai sa hannu ne kawai, wato sashe na 18 na Vienna ne ke kanta. A cikin wannan tsakanin ne kuka rufe iyakokinku na tudu, a Agusta 2019, fatakenmu da yawa suka maƙale da kaya a hanya. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, da fatauci ya rene mu kamar yadda mahaifinsa ya rene shi, kuma a gidanmu ba a ɗaukar rufe iyaka labarin rediyo, abu ne da ake gani a fuskar maigida. Mutanenmu sun yi ta cewa Najeriya ta karya yarjejeniyar. Ni ban bi su ba. Ba za ka karya wajibcin da bai hau kanka ba tukuna. Tambayar da ta dace ita ce ko rufewar ta kai ga rusa manufar yarjejeniyar, kuma wannan ma'auni ne mai wuyar cikawa, tunda mataki ne da ake iya janyewa, aka kuwa fara janye shi a Disamba 2020. Wanda ke neman hujja mai ƙarfi, dokokin ECOWAS ya kamata ya duba, waɗanda suka daɗe da ɗaure ƙasashen biyu.

Saura abu biyu ƙanana. Sashe na 102 na Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya bukaci a yi wa yarjejeniya rajista a sakatariyarta. Rashin rajista bai soke ta ba, sai dai ba za a iya kafa hujja da ita a gaban wani sashe na Majalisar ba. Na biyu, fara aiki a doka daban yake da fara amfani a bakin iyaka. An tsayar da 1 ga Janairu 2021 a matsayin ranar fara ciniki a ƙarƙashin yarjejeniyar, ofishinta kuma yana nan Accra, amma jami'in kwastan ba zai rage maka kuɗin fito ba sai ƙasarsa ta fitar da jadawalin kayan da ta sassauta wa haraji, an kuma daidaita ƙa'idar gane ko kaya na Afirka ne. A ranar da aka buɗe, ba a kammala tattaunawa kan waɗannan ba.