Shin Kamfanin WhatsApp Na Iya Karanta Hirarmu?

Tambaya: "Jama'a, WhatsApp na rubuta min 'end-to-end encrypted' a saman hira. Yana nufin kamfanin ba ya ganin komai ke nan?"

Malam, ba ya ganin abin da ka rubuta, amma yana ganin wasu abubuwan. Wayarka ce ke kulle saƙon kafin ya fita, makullin buɗewa kuma yana cikin wayar wanda ka tura wa kaɗai. Sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da saƙonni ke bi ta cikinta, kullallen saƙo take miƙawa.

Abin da bai ɓuya ba shi ne bayanan da ke kewaye da saƙon. A ce kana Kawo ka tura wa ɗan'uwanka da ke Tudun Wada saƙo ƙarfe 9 na dare. Dole sabar ta san lambarka da tasa da lokacin, in ba haka ba ina za ta kai shi? Tana kuma ganin adireshin IP ɗinka, wato lambar da ake gane haɗinka na intanet da ita, wanda ke iya nuna yankin da kake.

Inda aka fi yin sakaci kuwa shi ne ajiyar hira a Google Drive, domin kullen bai shafe ta ba sai ka kunna da kanka. Shiga Settings, Chats, Chat backup, ka kunna End-to-end encrypted backup. Don Allah adana kalmar sirrin da kyau, in ta ɓace tare da wayar, kamfanin ma ba zai iya dawo maka da hirar ba.