Na yi wa matasa talla amma ciniki shiru

"Takalma nake sayarwa. Na saka talla a Facebook na zaɓi matasa 'yan shekara 18 zuwa 35, dubu talatin ta tafi, tambaya kam kamar me amma mutum biyu kawai suka saya. Ina matsalar take?"

Ɗan'uwa matsalar tana wajen wannan 18 zuwa 35 ɗin, ka tara mutane kala-kala a kwano ɗaya ne. Ɗalibi ɗan shekara 19 da ke jiran kuɗin kashewa daga gida kambas na yayi yake so, shi ne mai "nawa ne?" ya ɓace, amma ɗan 33 mai mata da yara biyu takalmin fata yake nema wanda zai je ofis da ɗaurin aure da shi ya shekara bai yage ba, kuma ƙarshen wata yake saye. Ka raba tallar gida biyu, kowanne da hotonsa da farashinsa, dubu biyar-biyar na sati ɗaya, sannan ka shiga Ads Manager, wato shafin Facebook na kula da talla, ka buɗe Breakdown, wajen da ke rarraba sakamakon talla, zai nuna maka na 'yan shekara 18-24 daban na 25-34 daban. Ka ƙirga waɗanda suka turo kuɗi, rabu da masu danna like.

Sai dai fa shekaru kaɗai ma suna yaudara. Lokacin da nake sayar da agoguna na cire 'yan ƙasa da 25 wai ba su da kuɗi, ashe yaran shago na Kantin Kwari 'yan 20 da 22 su ne masu biya nan take ko ragi ba sa nema, mai digiri ɗan 28 da ke neman aiki kuwa sai dai ya ce a ajiye masa. Tun daga nan duk wanda ya saya sai na tambaye shi sana'arsa da ko yana da iyali, in rubuta a littafi.