Auna ruwan da ke zuba ta bakin faranti

Tambaya: "Na kafa farantin ƙarfe mai kaifin baki a magudanar gonarmu ta Jiratawa, faɗin tsagin rabin mita. A ina zan auna tsayin ruwa, kuma lita nawa ke wucewa?"

Ɗan'uwa, kada ka ɗora ma'auni a kan bakin farantin. Nan ruwan ya riga ya sunkuya yana shirin faɗawa, awon zai fito ƙasa da gaskiya. Koma baya ta inda ruwan ke zuwa, nisan da ya kai tsayin ruwan da ya haura bakin farantin sau huɗu ko biyar, inda fuskarsa take kwance lumui, ka kafa sanda mai lambobi.

Sifirin sandar sai ya yi daidai da bakin farantin, ba ƙasan magudana ba. Ni da tiyon magina nake daidaita su, ko in tsayar da ruwa har ya taɓa bakin ba tare da ya zuba ba, in sa alama.

In tsagin bai kai faɗin magudanar ba, ga lissafin da ake kira na Francis. L shi ne faɗin tsagin, H tsayin ruwan da ka karanta a sanda, duka a mita, Q kuma ruwan da ke wucewa, a mita kubik a daƙiƙa:

```
Q = 1.84 (L - 0.2H) H^1.5
```

Da L 0.5, a ce H kuma 0.10 ne, za ka samu 0.028, wato kusan lita 28 a daƙiƙa. Ka yi kuskuren santimita ɗaya ka karanta 0.09, sai lissafi ya koma lita 24.

Leƙa ƙarƙashin ruwan da ke zuba kuma. In ya manne wa farantin babu iska a bayansa, ruwan da ke wucewa ya fi abin da lissafi ya nuna. Yashin da ya taru a gindin farantin ma, kwashe shi kafin awo.