Shin dole sai na gaya masa na ci namansa?

"Na yi gulmar wani abokin aikina, bai sani ba. Yanzu na yi nadama. Dole ne in je in faɗa masa kafin tubata ta karɓu?"

Ba dole ba ne, in dai maganar ba ta kai kunnensa ba. Ka tuba ga Allah, ka nema masa gafara, sannan ka koma wurin mutanen da ka ɓata shi a gabansu ka ambaci alherinsa. Wannan ne ra'ayin Ibn Taimiyya, kuma ni ma shi na fi natsuwa da shi. Akwai malaman da suka ce sai an nemi yafiya kai tsaye, amma na sha ganin inda faɗin ya haifar da gaba tsakanin mutanen da a da suke zaune lafiya.

Sharaɗin shi ne abin da ka faɗa gaskiya ne, wato giba ce. In ƙarya ka yi masa, ya zama ƙazafi, kuma istigfari kaɗai bai isa ba. Misali ka ce ya ci kuɗin ofis alhali bai ci ba: sai ka je gaban waɗanda suka ji, ka ce musu ƙarya ka yi. In kuwa maganar ta riga ta isa gare shi, to, ka same shi ka roƙi yafiyarsa.